Inbois ɗin ƙaramin shago: tambayoyi da amsoshi kan abin da za a rubuta don kuɗi ya fito ba rigima

Tambayoyin nan irin waɗanda masu ƙananan shaguna ke yi ne, musamman masu ba da kaya yau kuɗi ya biyo baya: mai kai wa makaranta kayan abinci, mai ba gidan abinci man girki, mai sayar wa ofis takardu da biro. Don magana ta tafi a zare ɗaya, za mu riƙe misali guda. Mai shagon kayan masarufi ne a Kano, yana saro kaya a kasuwar Singa, yana kai wa wata makarantar kwana, ana biyansa bayan mako biyu. Farashin da za a gani a ƙasa misali ne kawai, ba farashin kasuwar yau ba.

Tun da na buɗe shago rasit nake bayarwa. Me ya bambanta shi da inbois?

Rasit shaida ce cewa an biya ka. Inbois shaida ce cewa ka ba da kaya kana jiran a biya ka. Wanda ya shigo ya sayi katan ɗin taliya, ya ƙirga maka kuɗi ya tafi, rasit ya ishe shi. Wanda ya ɗauki kaya da alƙawarin biya nan gaba, inbois za ka rubuta masa, sai ran da kuɗin ya shigo ka ba shi rasit.

Matsalar ita ce yawancin littattafan da masu ɗab'i ke buga wa 'yan kasuwa sun haɗe biyun a takarda ɗaya. Idan ka yage wa mai bashi shafi daga irin wannan littafi, da kalmar rasit a samansa, ba ka rubuta cewa ba a biya ba, to da hannunka ka ba shi hujjar cewa ya biya. In littafin da kake da shi ke nan, rubuta "BA A BIYA BA" da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafin kafin ka yage, ta yadda rubutun zai fito har a kwafin da ke ƙasa.

To me da me ya zama dole ya fito a takardar?

Ka ɗauka cewa wanda zai karanta takardar bai kasance a wurin cinikin ba. A makarantar misalinmu, wanda ya zo shago ya yi ciniki daban, wanda ya karɓi kaya a sito daban, akantan da zai tura kuɗi kuma daban, wataƙila ma bai taɓa ganin fuskarka ba. Shi wannan na ukun kake rubuta wa. Ya kamata daga takardar kaɗai, ba tare da ya kira kowa a waya ba, ya san wa ya sayar, wa ya saya, wane kaya ne kuma nawa ne yawansa, nawa ne kuɗin, nawa aka riga aka bayar, yaushe za a cika sauran, kuma wane asusu za a tura. Sai lambar takardar, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya karɓi kaya.

Kusan duk rigimar biyan kuɗi da za ka ji a kasuwa, in ka bi diddiginta, a wurin da takarda ta yi shiru ta taso. Ba lallai mai saye ya yi niyyar cuta ba. Ya tuna abu ɗaya ne, kai ka tuna wani, kuma kowannenku da gaskiyarsa yake rantsuwa.

Sunan wa zan sa a wurin mai saye: wanda ya zo shago, ko wanda ya aiko shi?

Sunan wanda zai biya. Wannan gurbi shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi jawo ɓacin rai. Sai ka ga an rubuta "Alhaji" kawai, ko "Malam na makaranta", ko laƙabin direban da ya zo ɗaukar kaya. Bayan wata biyu direban ya bar aiki, ka je makaranta da takardarka, akanta ya duba ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, ni ban ga sunan makarantarmu a nan ba." Kuma gaskiyarsa ce, don shi ma akwai na sama da shi da za su tambaye shi dalilin fitar da kuɗin.

Saboda haka ka rubuta cikakken sunan makarantar kamar yadda yake a allon ƙofarta ko a saman takardunta, da adireshinta, da lambar wayar ofishin da ke biyan kuɗi. A ƙasa ka ƙara layi: wanda ya ba da oda, wane, muƙaminsa kaza. Idan hukumar tana bayar da takardar oda, wadda ofisoshi ke kira LPO, ka kwafe lambarta a kan inbois ɗinka. A wurare da yawa akanta ba ya iya fitar da ko kwabo sai ya haɗa takardun nan biyu ya ga sun dace.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a tantance tun a bakin shago. Wani lokaci ma'aikacin wuri yakan zo ya ɗauki kaya don gidansa, amma saboda ka saba ganinsa da sunan ofis sai ka rubuta a lissafin ofis. Tambaya ɗaya ta isa: "Yallaɓai, wannan na makaranta ne ko naka ne?" In nasa ne, takarda daban da sunansa. Kada a cakuɗa su a shafi ɗaya ko da ya ce ba komai.

Ban yi wa shagona rajista ba. Zan iya rubuta inbois?

Za ka iya. Ka sa cikakken sunanka, da adireshin shago har da layi da lambar rumfa, da lambar waya. In ka yi rajista da hukumar CAC, ka ƙara lambar rajistar, wadda ke farawa da BN ga sunan kasuwanci, ko RC ga kamfani, tare da lambar shaidar haraji, wato TIN. Mai saye ɗaya-ɗaya ba zai damu da waɗannan ba, amma kamfanoni da ma'aikatu sukan nema kafin su biya, kuma banki ba ya buɗe asusu da sunan shago sai da takardar rajista. Wanda yake son ya riƙa kai kaya manyan wurare, rajistar za ta same shi ko ba daɗe ko ba jima.

Yaya zan rubuta bayanin kaya? "Shinkafa buhu 4" bai isa ba?

Bai isa ba, don buhu ba ma'auni ba ne. Akwai buhun shinkafa mai kilo 50, akwai mai kilo 25. Akwai 'yar gida, akwai 'yar waje, a cikin 'yar gidan ma kamfani-kamfani ne, kowace da farashinta. Haka jarkar mai: akwai mai lita 25, akwai mai lita 20, kuma man gyaɗa daban, man ja daban. Katan ɗin taliya sai an faɗi sunan kamfani da yawan ledojin da ke ciki. In ka rubuta "shinkafa buhu 4" kawai, ranar biya mai saye zai iya cewa ai shi ƙaramin buhu aka kawo masa, kuma a lokacin ɗalibai sun daɗe da cinye shaidar.

Kowane layi yana buƙatar abu huɗu a jere: sunan kaya da nau'insa da girmansa, sai yawa, sai farashin guda ɗaya, sai jimillar layin. Farashin guda ɗaya shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi tsallakewa, don suna ganin ai jimilla ta wadatar. Amfaninsa yana fitowa ne ran da aka dawo da wani ɓangare na kayan. In an san katan ɗaya naira 18,500 ne, aka dawo da biyu, babu abin tattaunawa. In kuwa kuɗin katan goma aka rubuta a dunƙule da ragi a ciki, sai a zauna sabon ciniki.

Masu sayar da hatsi su fi kowa kula. Mudu, kwano da tiya ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, har a kasuwa ɗaya akan samu bambanci tsakanin kwanon wannan da na wancan, balle a zo maganar cika da tozo ko a shafe. Inda akwai sikeli, a auna a rubuta kilo. Inda babu, a rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi da kasuwar da aka auna. Kuma a guji kalmar "kayan miya" ko "sauran tarkace" da kuɗi a gabanta. Layin da ba a fayyace ba shi ne layin da akanta zai fara zagayewa da jan biro.

Ko za a nuna yadda lissafin zai kasance daga sama har ƙasa?

Ga yadda mai shagonmu zai rubuta wa makarantar, ranar 6 ga Oktoba, 2025:

Shinkafa 'yar gida, buhu mai kilo 50, guda 4, kowane ₦62,000, jimilla ₦248,000
Man gyaɗa, jarka mai lita 25, guda 2, kowace ₦70,000, jimilla ₦140,000
Taliya, katan mai leda 20, guda 10, kowane ₦18,500, jimilla ₦185,000
Sukari, buhu mai kilo 50, guda 1, ₦80,000

A takardar gaske kowane layi zai ɗauki sunan kamfanin da ya yi kayan. Kuɗin kaya ya kama ₦653,000. A wurin ciniki an yi wa makarantar ragin ₦8,000, sai a rubuta shi a layinsa a cire, saura ₦645,000. Kuɗin mota da na 'yan dako ₦12,000 ne, kuma an yarda makaranta ce za ta biya, shi ma layinsa daban, jimilla ta koma ₦657,000. Sun ba da kafin alƙalami ₦300,000 ta taransifa ranar 4 ga Oktoba, sai a rubuta adadin da ranar da hanyar da aka biya. Abin da ya rage, ₦357,000, shi ne za a rubuta da girma a ja masa layi, sannan a maimaita shi da kalmomi: naira dubu ɗari uku da hamsin da bakwai kacal.

Me ya sa ba za a narkar da ragin a cikin farashi kawai a huta ba? Saboda in ka mayar da buhun shinkafa ₦60,000 don ka shigar da ragin, wata mai zuwa za a zo maka da takardar nan a ce ai haka ka saba sayar mana. Ragin da aka rubuta a fili kowa ya san alheri ne na rana ɗaya. Kuɗin dako kuma, in ba a rubuta wanda zai biya ba, mai saye yana ɗauka yana cikin farashi, kai kana ɗauka a kansa yake, dubu goma sha biyu ta ɓata cinikin dubu ɗari shida.

Rubuta adadi da kalmomi ba ado ba ne. Sifili ɗaya ana iya ƙara shi ko a kankare shi, kuma 1 da 7 na wasu mutane ba a rarrabe su. Bayan layin kaya na ƙarshe, a ja layi a karkace ya ratsa sauran guraben da ba a cike ba, don kada wani ya ƙara abu daga baya. Wannan yana kare mai saye kamar yadda yake kare ka.

Masu ciniki tsakanin Kano ko Katsina da Maraɗi su ƙara abu ɗaya: a rubuta ko naira ce ko sefa. In da naira aka yi ciniki za a biya da sefa, a rubuta canjin da aka tsayar da ranar da aka tsayar da shi.

Mun yi da shi zai biya "ƙarshen wata". Sai na sake sa rana?

Sai ka sa rana, da wata, da shekara. Ƙarshen wata a wurinka 30 ga wata ne, a wurin ma'aikaci kuwa ran da albashi ya shigo ne, wanda zai iya kaiwa 10 ga watan gaba. "Bayan Sallah" bai faɗi ƙarama ko babba ba. "In kaya sun shige" ya ɗora kuɗinka a kan kasuwar wani. "In ɗalibai sun biya kuɗin makaranta" kuwa ba shi da ranar ƙarewa, don kullum akwai wanda bai biya ba. Mai shagonmu zai rubuta: za a cika ₦357,000 ranar 20 ga Oktoba, 2025, ko kafin nan.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi take, kuma ta ambaci ajali sananne. Wato ba adadin kuɗi kaɗai ake rubutawa ba, har da lokacin biya.

Ranar biya tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: ita ce take ba ka bakin magana. In babu rana, duk lokacin da ka kira, kai ne mai gajen haƙuri. In akwai rana, kana iya aika saƙo kwana biyu kafin ta zo ka ce, "Ranka ya daɗe, tuni ne kawai, jibi ne ranar inbois mai lamba kaza," ba wanda zai ji an ci masa fuska. Kafin ka tsayar da ranar ka tambayi yadda wurin ke biya. In akantan makarantar sau ɗaya a wata yake fitar da kuɗin 'yan kwangila, sa mako biyu a takarda yaudarar kai ce. Gara ka san gaskiyar lokacin, ka duba ko jarinka zai iya jira.

In kashi-kashi za a biya, kowane kashi da adadinsa da ranarsa. Duk sanda wani ya shigo, ka ba da rasit mai ɗauke da lambar inbois ɗin da sauran da ya rage.

Ai yana da lambar asusuna a waya. Sai na sake rubutawa?

Ka rubuta sunan banki, da lambar asusu mai alƙaluma goma, da sunan da zai fito a allo idan an danna lambar. Na ukun shi ne muhimmi. Idan takarda ta zo da sunan shago, asusu kuma ya fito da sunan wani mutum daban, akanta mai hankali zai tsaya. Idan kuma ka saba cewa yau a tura asusun yaron shago, gobe na ƙanenka, jibi na mai POS na maƙwabta, ran da kuɗi ya ɓace ba ka da bakin cewa ba a biya ka ba. Asusu ɗaya, a rubuce, da jimla ɗaya a ƙasansa: kuɗin da aka tura wani asusu ba wannan ba, ba a ɗauke shi a matsayin biya ba. In ka canza asusu, ka sanar da baki da kuma a rubuce, don 'yan damfara sukan aika saƙo da sunan ɗan kasuwa su ce an canza lamba.

Ka roƙi mai biya ya sa lambar inbois a gurbin Narration ko Remark lokacin taransifa. Sannan kada ka buga "an biya" saboda hoton rasit da aka turo maka ko alat na tes. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin ya zauna tukuna.

Lambar inbois fa, mene ne amfaninta ga shago ƙarami kamar nawa?

Makarantar nan tana ɗaukar kaya sau biyu ko uku a wata, sau da yawa kaya iri ɗaya, kuɗi kusan ɗaya. In suka turo ₦357,000 suka ce na "kayan rannan" ne, wace rana? Da lamba kuwa, an biya 0147, saura 0152, magana ta ƙare. Lambobin su tafi a jere, kada a maimaita, kada a tsallake. Shafin da ya lalace a soke shi a bar shi a littafin, kada a yage. A kwanan wata, ka rubuta sunan watan da baƙaƙe, domin 6/10 a wasu manhajojin waya 10 ga Yuni yake nufi, ba 6 ga Oktoba ba.

Wa ya kamata ya sa hannu, kuma yaushe?

Kai za ka sa, amma sa hannun da ya fi naka daraja shi ne na wanda ya karɓi kaya. Inbois da kai kaɗai ka sa wa hannu iƙirarinka ne kawai cewa kana bin kuɗi. Da zarar mai siton makaranta ya ƙirga kaya, ya rubuta "na karɓa cif, lafiya lau", ya sa cikakken sunansa da kwanan wata da hannu, ya buga hatimi in akwai, takardar ta zama maganar ɓangare biyu. A lura da cikakken suna. Wani zane-zane da ba mai iya karantawa ba ya nuna ko wane ne. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya dangwala yatsa a gaban shaida.

Lokacin sa hannu shi ne lokacin sauke kaya, kafin mota ta tashi. Yaron da ka aika ya sani cewa ba ya dawowa sai da kwafi mai sa hannu, ko da an ce masa mai sito ya tafi masallaci. Ya jira. In kayan tasha za a kai a ɗora wa motar haya zuwa wani gari, a rubuta lambar motar da sunan direba da lambar wayarsa, a kuma fayyace tun farko wanda asara za ta hau in wani abu ya samu kayan a hanya. Mai saye ya riƙe asali, kai ka riƙe kwafi.

Zan sa harajin VAT a kai?

Sai in kana da rajistar karɓarsa kuma kana miƙa shi ga hukumar haraji. A Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairun 2020, kuma kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa ba a ɗora musu. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa, sannan sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025 sun sake tsarin ƙananan 'yan kasuwa, don haka ka je ofishin haraji mafi kusa a faɗa maka rukunin da shagonka ya faɗa. In kana karɓa, ya fito a layinsa: kayan ₦100,000, haraji ₦7,500, jimilla ₦107,500, da lambar TIN ɗinka a saman takarda. Karɓar VAT ba tare da miƙa shi ba neman fitina ne.

Akwai kuma harajin da wasu kamfanoni da ma'aikatu ke cirewa daga kuɗin ɗan kwangila kafin su biya shi. Ka tambaya tun kafin ka ba da farashi ko za su cire, kuma nawa. In sun cire, ka nemi takardar shaidar cirewar. Da yawa daga cikin rigimar "an biya ni ba cif ba" daga nan take.

An dawo da wasu kaya bayan na rubuta. In goge in gyara?

Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa. A ce katan biyu na taliya sun jiƙe a hanya, makaranta ta dawo da su. Ka rubuta sabuwar takarda mai lambarta, ka ce: game da inbois 0147, an dawo da taliya katan 2, kowane ₦18,500, an cire ₦37,000, sauran biya ₦320,000. Ku duka ku sa hannu. In kuwa ƙaramin kuskure ne aka gani nan take, a ja layi ɗaya a kan kuskuren ta yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, ɓangarorin biyu su sa hannu a wurin, a asali da kwafi.

Yana da kyau a ƙasan takarda a sa sharaɗin dawo da kaya a jimla ɗaya, misali: duk ƙorafi kan yawa ko lalacewa a kawo shi cikin kwana biyu da karɓa. Jimlar nan da masu ɗab'i ke bugawa cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ba ta hana mai saye haƙƙinsa in ka ba shi ruɓaɓɓen kaya, kuma ba ta faɗa masa abin da zai yi. Wa'adi sananne ya fi ta amfani.

Zan iya rubuta tara ga wanda ya wuce ranar biya?

Za ka ga haka a samfuran inbois da ake saukewa daga intanet, kashi kaza duk wata a kan wanda ya makara. Ga Musulmi wannan wuri ne na tsayawa, domin ƙarin kuɗi a kan bashi saboda jinkiri shi ne malamai ke kira riba. Abin da mafi yawan malamai suka halatta shi ne farashin bashi ya fi na kuɗi hannu, muddin an tsayar da guda ɗaya lokacin ciniki, ba a kuma ƙara komai daga baya. A aikace ma akwai abin da ya fi tara tasiri: ka rubuta cewa ba za a ba da sabon kaya ba sai an biya na baya. Makarantar da ke buƙatar shinkafa mako mai zuwa ta fi jin wannan.

In na tura hoton takardar ta WhatsApp ya wadatar?

Ya taimaka ƙwarai, musamman in hoton kwafin da aka sa wa hannu ne, ya fito tas, kusurwa huɗu duk a ciki. Ka nemi ya amsa da rubutu cewa ya gani kuma lissafi daidai ne, ba ɗan yatsa kawai ba. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da shaidar da ta fito daga na'ura bisa wasu sharuɗɗa. Amma waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, saƙo kuma ana goge shi. Littafin kwafi ya zauna a shago, a wurin da ɓera da damina ba za su kai gare shi ba.

Abokin cinikina ɗan'uwa ne, mun shekara muna hulɗa. Ba zai ga kamar ban yarda da shi ba?

Zai ga haka ne kawai in shi kaɗai ka yi wa. In kowa yana samun takarda, har mai sayen katan ɗaya, ta zama al'adar shago. Kana iya cewa, "Yaya, ga takardarka, don lissafin shago ne, kada yara su rikita mana." Kuma ka tuna akwai ranar da ɗayanku ba zai kasance ba. Magada ba su san abin da kuka yi da baki ba, kuma bashin mamaci abu ne da ake son a sauke kafin a raba gado. Takardar tana kare shi daga a nemi fiye da abin da ya ci, kamar yadda take kare 'ya'yanka daga a ce ba a san zancen ba.

Na rubuta komai daidai, rana ta wuce, bai biya ba. Sai me?

Ka fara da tuni a rubuce, mai ɗauke da lambar inbois, da adadin da ya rage, da sabuwar rana guda ɗaya. In wurin hukuma ne, ka kai takardar ofis, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In bai yi ba, sai a nemi masu shiga tsakani: shugabannin kasuwa, ko mai unguwa, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Yawancin basussukan ƙananan shaguna a nan suke ƙarewa, kuma abin da za a fara ce maka shi ne ka kawo takarda.

In ta kai ga shari'a, akwai kotunan shari'ar Musulunci a jihohin da suke da su, akwai kuma kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, wasu jihohi kuma suka biyo baya. An tsara ta don a gama shari'a da wuri, mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma matakinta na farko shi ne takardar neman biya da ake aika wa wanda ake bi. Kowace jiha tana da iyakar kuɗin da kotun ke saurare, sai ka tambaya a rajistar kotun majistare ta garinku. Ran da za ka je, ka tafi da kwafin inbois mai sa hannun wanda ya karɓi kaya, da takardar oda in akwai, da bayanin asusunka na banki da ke nuna kafin alƙalamin da ya shigo, da saƙonnin tunin da ka aika.